A wurin zaman makoki, wa zan fara gaisarwa?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Jiya na je ta'aziyyar mahaifin abokina, na tarar da mutum wajen 20 a kan tabarmi, har da liman da mai unguwa da ƙannen mamacin. Na zarce wurin abokina na kama hannunsa, ina juyowa na ga irin kallon da dattawa suke yi mini. Ranar uku zan koma. Yaya zan yi?

Wani dattijo daga Zariya: Yaro, sallama ce ta kowa, da ita ake farawa. Ka tsaya a bakin tabarma ka cire takalmi, ka ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji. Ya zo a Bukhari cewa ƙarami ke yi wa babba sallama, mai wucewa ya yi wa na zaune, kuma ga shi kai ne ƙarami, kai ne mai isowa.

Daga nan ka nufi inda manya suke, yawanci a jikin bango ko tsakiya. Ka durƙusa, ka ce wa liman "Allah gafarta Malam", mai unguwa kuma "ranka ya daɗe". Kada ka riga su miƙa hannu. Sai ka fuskanci babba a cikin ƙannen mamacin ka ce "ya ƙarin haƙuri?", domin gaisuwar tasa ce. Sauran jama'a ba sai ka bi su ɗaya-ɗaya kana tsallake ƙafafu ba: ka waiga dama da hagu, hannu a ƙirji, ka ce "sannunku da haƙuri", ka roƙi a yi wa mamaci addu'a. Da an shafa, kowa ya samu rabonsa. Abokinka shi ne ƙarshe, a gefensa ma za ka zauna.

Wani ɗalibi: Baba, ni dai na san daga dama ake farawa ko da yaro ne a wurin. Akwai hadisi.

Dattijon: Hadisin Anas kake nufi, inda aka ba balaraben ƙauye na dama madara kafin Sayyadina Abubakar da ke hagu. A kan abin sha ya zo. In sa'anninka ne, bi dama, babu mai jin an ware shi. Amma a gaban liman ban ga ana yi ba.

Ɗalibin: Mu malaminmu dama yake bi ko'ina, Baba.

Wata uwa daga Maraɗi: Ɗana, kada ka tsaya a waje kawai. Ka sa abokinka ya yi maka iso cikin gida. In mata biyu mamacin ya bari, uwargida za ka fara gaisarwa ko da ba ita ta haifi abokin naka ba. Ni da aka yi mana rasuwa, wani ya wuce ni ya gaida amarya, har yau abin yana raina.

Mai tambaya: To idan na iso ana cikin addu'a fa?

Dattijon: Zauna inda ka samu wuri ka ɗaga hannu tare da su. In an shafa sai ka matso.