Wace kalma za mu sa wa abin da gari ke ɗauka a wasiƙar neman tallafi?

Hadiza, Tawa: Salamu alaikum. Ƙungiyar mata ta wani ƙauye kusa da Tawa na son kewaye garkarta da waya, hekta 1, mata 60. Za a aika wa wani alhaji ɗan garin da ke kasuwanci a Abijan da imel, kuma ya ce da Hausa yake so, don a karanta wa mai gari abin da aka aika masa ba tare da tafinta ba. Wuri guda ya tsaya mana, layin da takardun furoje ke kira *apport communautaire*, watau abin da mutanen gari za su fitar da kansu. Na sa "gudummawar al'umma", amma bai kwanta mini ba.

Malam Isufu: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gara da bai kwanta miki ba. Gudummawa abu ne da kake kai wa wani a kan hidimarsa, biki ko gobara, kuma in ba ka kai ba babu mai bin ka bashi. Idan kika ce gari ya ba da gudummawa, kin mai da aikin na Alhaji, matan sun koma masu taya shi. A gaskiya ma shi ne mai gudummawar. Ga kuma matsala ta biyu: kalma guda za ta fito sau biyu a wasiƙa mai layi goma, har mai karatu ya rasa kuɗin wa ake nufi.

Abdu Wadata: Karo-karo mana. Kowa ya san shi.

Malam Isufu: Ya kama rabi. Karo-karo kuɗi ne da ake tarawa. A irin wannan aikin kuwa mafi yawan abin da gari ke kawowa ba kuɗi ba ne, yashi ne da tsakuwa da ginar ramuka. Gayya ta kama ɗaya rabin, ta bar kuɗin.

Abdu Wadata: To ko dai mece ce kalmar, ku sa kashi 30 cikin 100, ku haɗa da kuɗin filin. Masu ba da tallafi suna son su ga gari ya ɗauki da yawa.

Ramatu, Yamai: Yaya Abdu, suna son ganin gari ya ɗauki wani abu, wannan gaskiya ne. Amma kumbura shi ne ke kashe wasiƙa. Wanda ya saba sayen siminti da ƙarfe, da ido ɗaya zai gane lissafin da aka hura. Fili kuma kada a sa masa farashi, don ba a saye shi saboda wannan aikin ba. Abin da ake buƙata a kansa takarda ce daga kwamitin filaye na gari mai nuna an ba ƙungiyar. In babu ita, ana gama kafa waya magadan mai gona za su iya tasowa.

Ni "kason gari" na so in ce, sai na tuna a nan ƙasar kaso gidan yari ne. A baki sauti na raba su, a rubuce kuwa babu bambanci. Kuma kaso yakan zama abin da aka raba aka ba ka, ba wanda ka fitar ba.

Malam Isufu: Ni na fi karkata ga zubin gari. Duk macen da ta taɓa adashi ta san zubi yana da adadi, yana da rana, ana rubuta shi, kuma wajibi ne a kan wadda ta shiga. Abin da mai tallafi ke son ji ke nan. Hajiya, ba mu lissafin mu ga ko kalmar za ta zauna a jimla.

Hadiza, Tawa: Kewayen mita 400 ne. Daga takardar farashin mai shago: waya naɗi 16, kowane mita 25, a kan 35.000 F, ya kama 560.000. Turakun ƙarfe 160, ɗaya a kowace mita 2 da rabi, a kan 4.000, ya kama 640.000. Siminti buhu 20, 120.000. Ƙofa 80.000. Duka 1.400.000 F. Matan za su tara 1.500 kowace, 90.000 ke nan, ladan magini. Yashi da tsakuwa amalanke 30, in an saya 60.000 ne. Samari 20 za su yi kwana 5 suna gina da kafi.

Ramatu, Yamai: Ki ƙiyasta aikin samarin da ladan yini na ƙauyen, ba na Yamai ba. In 1.500 ne, kin sami 150.000. Zubin ya zama 300.000 cikin 1.700.000, kusan kashi 18. Ga yadda zan rubuta:

*Objet*: Neman tallafin 1.400.000 F CFA don kewaye garkar mata 60

Alhaji, barka da warhaka. Ƙungiyarmu ta mata 60 tana noman albasa da kabeji a garka mai hekta 1. Shingen ƙaya ne da ita, kuma da an saki gonaki bayan girbi dabbobi ke shiga su ci dashe. Muna son kewaye ta da waya mita 400 kafin dashen Nuwamba. Aikin duka 1.700.000 F CFA ne. Zubin gari 300.000: kuɗi 90.000, yashi da tsakuwa 60.000, aikin ƙarfi 150.000. Muna neman 1.400.000 don waya, turaku, siminti da ƙofa. Kuɗin zai shiga asusun ƙungiya, wanda sai da sa hannun mutum biyu ake cirewa, ko kuwa ku biya mai shago da kanku. Za mu aiko da rasidai da hotuna cikin kwana 15 bayan gama aiki. Ko za mu iya kiran ku ranar Alhamis mu ba ku bayani?

A maƙala abu uku kawai cikin PDF guda: takardar farashi, takardar amincewar hukuma da ƙungiyar, da takardar fili. Hotuna goma masu nauyi ba za su buɗe a wayarsa ba.

Malam Isufu: Ya zauna daram. Abu ɗaya zan ja kunne a kai: kada a rubuta kuɗi da kalmomi. Mu da dala muke ƙirga. In aka rubuta "dubu sittin", tsohuwar da ke zaure za ta ji dala dubu sittin, watau 300.000 F, shi kuwa Alhaji yana iya karanta 60.000 F. Lamba da F CFA a imel, sannan mai karantawa a taro ya ce jika 300.

Sani mai shago: Ni ma ƙungiyar unguwarmu ta rubuta neman tallafin fanfo, wata biyu shiru. Wace kalma ake sawa don su amsa da wuri?

Ramatu, Yamai: Malam Sani, wannan ba kalma ke gyara shi ba. Duba ko kun faɗi adadin kuɗin da ranar da kuke buƙatarsa, kuma ko sunan wani mutum kuka aika wa ko akwatin ofis. Bayan kwana 10 ana sake turawa a ƙarƙashin wasiƙar farko, layi biyu.

Abdu Wadata: Har yanzu ina da ja. Zubin adashi yana dawo maka ranar kwasa, wannan ba ya dawowa. Kuma wa ya taɓa zuba ginar rami? In ka ce wa mai gari "zubi", kuɗi zai ji, ya ce talakawansa ba su da 300.000.

Malam Isufu: Na farkon bai dame ni ba, albasar da akuya ba ta ci ba ita ce kwasar. Na biyun kana da gaskiya. Shi ya sa kalmar ba za ta tafi ita kaɗai ba, sai an fasa ta kamar yadda Ramatu ta yi.

Hadiza, Tawa: Zan aika da "zubin gari" a layin jimla. A ƙarƙashinsa na sa "karo-karo" ga kuɗin, "gayya" ga aikin samari. Yashi da tsakuwa ne ban sami inda zan sa su ba, don ba gayya ba ne kuma ba karo-karo ba. Na bar su da sunansu, in wani ya san abin da magina ke ce wa kayan da mai gida ke kawowa da kansa, ya faɗa mini kafin Laraba.