Wane gini zan ɗauka?

Hauwa: Salamu alaikum. An ba mu rubutu a kan gine-ginen zamani da ƙasashe suka yi bayan samun 'yancin kai, da yadda suka zama alamar ƙasa. Shafi shida kacal. Na tara Indiya, Gana, Kenya, Senegal, har kaina ya ɗaure. Don Allah a ba ni shawara.

Bala Mai Tayil: Wa alaikumus salam. Ki zo Abuja ki ɗauki hoton dogayen benayen gilashin nan, an gama.

Malam Isa: Bala, ba wannan zamanin ake nufi ba. Ana maganar salon kankare ne na shekarun 1950 zuwa na 1970, mai miƙaƙƙen layi, ba ado barkatai. Hauwa, shafi shida ba zai ɗauki ƙasa huɗu ba. Ɗauki gini ɗaya ki tatse shi. Ni da ni ne, gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu a Legas zan ɗauka.

Ɗanlami: Wannan mai sauƙi ne ai. Hular soja aka zana, tunda sojoji ne suka gina. Ga alamar ƙasa nan a fili.

Malam Isa: Rabin maganarka daidai ne. A zamanin Gowon aka fara, aka gama a 1976 lokacin Obasanjo, saboda FESTAC, bikin al'adun baƙaƙen fata na duniya na 1977. Amma siffar ba daga barikin soja ta fito ba. Akwai zauren wasanni da al'adu a birnin Varna na Bulgeriya, an buɗe shi a 1968, shi aka kwaikwayo aka ƙara masa girma, kuma kamfanin Bulgeriya mai suna Technoexportstroy ne ya yi aikin. Hauwa, nemo hoton biyun ki ajiye su gefe da gefe, ki dubi yadda rufin ya lotsa a tsakiya ya ɗaga a gefe. Kamar an tsaga kara.

Ɗanlami: To amma duk wanda ya hango shi daga kan gadar Eko hula yake gani.

Malam Isa: Yawwa, nan ne naman rubutun yake. Ginin bai zo da hular ba, mutanen Legas ne suka ɗora masa ita. Haka ma abin da ya sa ya zama namu daga baya aka sa: sassaƙen Erhabor Emokpae da ke jikinsa, da babban zauren nan mai cin mutum 5,000 a wancan lokacin, inda baƙaƙen fata daga ko'ina a duniya suka hallara. A 2024 ma an sake masa suna, aka sa na Wole Soyinka.

Hauwa: Malam, to in malaminmu ya ce ginin aro ba zai zama alamar ƙasa ba fa?

Anti Rabi: Sai ki jefa masa misalin Daka, babban birnin Bangaladash, 'yata, sakin layi ɗaya ya isa. Majalisar dokokin da Louis Kahn ya zana, gwamnatin Pakistan ce ta ba shi aikin a 1962. Kafin a gama an yi yaƙi, Bangaladash ta ɓalle a 1971, Kahn ya rasu a 1974, gini bai kammala ba sai 1982. Yau shi ne abin tinƙahon ƙasar da ko haifarta ba a yi ba ranar da aka fara zanen. In kina son karatu, littafin Łukasz Stanek na 2020 ya bi sawun magina daga gabashin Turai da suka yi aiki a Akara da Legas. Yana da nauyi, babin Legas kawai za ki karanta.

Sani Zariya: Ni fa ban gamsu ba. Kakana a ɗakin ƙasa mai azara ya rayu, da rana tsaka ka shiga kamar ka sa kai a randa. Ofishinmu na kankare kuwa, in an ɗauke wuta ba mai iya zama. Wace alamar ƙasa ce wadda sai da na'urar sanyaya ɗaki take numfashi?

Anti Rabi: Ƙorafinka ya hau kan Iganmu, ginin a rufe yake ruf. Bai hau kan duka ba. Laburaren Jami'ar Ibadan da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana, bangon gabansa kankare ne mai huji-huji kamar rariya, iska na ratsawa, rana ba ta dukan ciki. Sai dai shi tun kafin 1960 aka yi shi, Turawan mulkin mallaka ne suka ba da aikin, don haka kada Hauwa ta lissafa shi cikin na bayan 'yanci.

Sani Zariya: Iskar Ibadan ke nan, Anti. Kawo rariyar nan Zariya lokacin hunturu ki ga ƙura a kan littattafai.

Bala Mai Tayil: Ashe dai benayen gilashin nawa ba su shiga ba.

Hauwa: Ba su shiga ba, Yaya Bala. Na ɗauki Iganmu. Malam Isa, waye ya zana na Varna ɗin? Ina son in sa sunansa a shafin farko.

Malam Isa: Stefan Kolchev.