Layukan kwantuwa sun fito kamar haƙoran zarto

Rabi'u: Assalamu alaikum. An ba ni taswirar zaɓen inda hanya za ta bi, kilomita 12 cikin tuddai. Na ciro kwantuwa ta mita 5 daga SRTM na mita 30 a QGIS, sai layukan suka fito gantsa-gantsa kamar haƙoran zarto. Da na sa Simplify, a wajen gangare har wasu suka haye juna. Wa ya taɓa cin karo da wannan?

Injiniya Hauwa: Wa'alaikumus salam. Ni ma na sha wannan wahalar. Simplify kowane layi yake rage wa ɗigo shi kaɗai, bai san da maƙwabcinsa ba, shi ya sa suke hayewa. Ka bar layin, ka koma kan DEM ɗin. Tsayin da ke cikin SRTM cikakkun mitoci ne, babu ɗigo kaza, don haka ƙasa mai ɗan gangare sai ta zama matakala. Ka fara juya shi zuwa UTM, awon ya koma mita maimakon digiri, sannan:

```
gdalwarp -ot Float32 -tr 10 10 -r cubicspline dem_utm.tif laushi.tif
gdal_contour -a ELEV -i 5 laushi.tif kwantuwa.gpkg
```

Kar ka manta `Float32` ɗin. Ranar da na manta shi matakalar ta dawo yadda take.

Sani: To ai shi ke nan, tunda ya koma mita 10 sai ya ciro kwantuwa ta mita 1, ta fi kyau ga hanya.

Injiniya Hauwa: A'a Malam Sani, fiksel ne ya ƙanƙance, awon bai ƙaru ba. Kuskuren tsayi a SRTM yana kai mitoci da dama, kuma inda itatuwa suka yi duhu, radar ba ta isa ƙasa sosai. Ko mita 5 ɗin ma an matsa masa.

Bala safiyo: Nawa kuskuren laushin ne ya yi yawa. Na yi ta goge DEM har layuka suka yi sumul, oga ya yaba. Da muka fita fili sai ga wani kwazazzabo da ya fi tsayin mutum, a taswira kuwa ɗan lanƙwasa ne kawai, ba mu ma sa kwalbati a lissafi ba. Gogewa tana aske kan tudu, tana cike kwari. Yanzu nakan cire gogaggen daga na asali a Raster Calculator, in duba inda bambancin ya wuce mita 2.

Rabi'u: Na gwada, haƙoran sun tafi, na gode. Saura wani wuri da tazarar layuka ta kai kusan mita 50, wato gangaren kashi 10 cikin ɗari, mu kuwa kashi 8 aka ƙayyade mana. In kauce masa, ko kuskuren SRTM ne?

Bala safiyo: Kashi 8 yana son mita 62 da rabi tsakanin layuka. Ni dai da sai na kai na'ura wajen kafin in karkatar da hanya.