Neman kalmar Hausa: yawan masu garkuwa da ake bukata kafin cuta ta kasa yaɗuwa a gari

Mai Shirin Lafiya, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan gabatar da shirin rediyo na minti 15 a kan ƙyanda, kuma takardar da nake fassarawa ta tsaya mini a wuri biyu. Na farko shi ne kason mutanen gari da sai sun samu garkuwar jiki kafin cuta ta kasa yaɗuwa, wanda Turawa suka gina sunansa a kan kalmar garken dabbobi. Na biyu shi ne lambar nan da ake rubutawa `R0`. Na rubuta "iyakar garkuwar garke" da "lambar haihuwar cuta", amma da na karanta su da ƙarfi sai na ji ba zan iya faɗa wa mutanen Zazzau haka ba. Malamai, a taimaka.

Ɗalibin Samaru: Wa alaikumus salam, Malama. A cire garke tun yanzu, don ba wanda zai so a kira shi da iyalinsa garke. "Garkuwar al'umma" ta riga ta shiga bakin ma'aikatan lafiya. Saura kuwa ki ce "kashi 95 cikin 100", tunda shi ne adadin da ake so a yi wa rigakafi, kin ga ba sai kin nemi wata kalma ba.

Likitan Dabbobi: Ni garke bai dame ni ba, saboda daga sana'armu kalmar ta fito kafin likitocin mutane su ara, amma na yarda ba ta dace da rediyo ba. Inda ban yarda da ɗalibi ba shi ne kashi 95. Wannan adadin na ƙyanda ne, kuma kowace cuta tana da nata, wanda `R0` ɗinta ke fitarwa. Idan mai cuta ɗaya ya shiga cikin mutanen da ba wanda ya taɓa yin ta ko aka yi masa rigakafi, a matsakaici mutum nawa zai sa wa kafin ya warke? Amsar ita ce `R0`. A ce 4 ce. Idan 3 daga cikin kowane mutum 4 da ya yi cuɗanya da su suna da garkuwa, mutum 1 kawai zai sa wa, wannan ma ya sa wa 1, cutar tana nan amma ba ta ƙaruwa. Da zarar masu garkuwa sun haura 3 cikin 4, sai kowane zagaye ya kasa na baya har ta mutu. Lissafin ke nan da ake rubutawa `1 − 1/R0`. Ƙyanda ana ƙiyasta mata 12 zuwa 18, wato sai an tare 11 cikin 12 ko 17 cikin 18, kimanin kashi 92 zuwa 94. Shan inna kuwa, da ake ba wa 5 zuwa 7, kashi 80 zuwa 86 ne. Saboda haka kalmar da Malama take nema dole ta nuna mafi ƙarancin adadi, kuma ta yarda da cewa adadin yana sauyawa daga cuta zuwa cuta. Ina ba da shawarar "nisabi". Bahaushe ya san nisabin raƙuma 5 ne, na shanu 30, na tumaki da awaki 40, kuma ya san wanda bai kai ba, hukuncin bai hau kansa ba. "Nisabin garkuwar al'umma."

Dattijon Ƙofar Doka: Likita, ka yi bayani mai kyau, amma ka gudu daga Turanci ka faɗa Larabci. Nisabi Larabci, al'umma Larabci, to ina Hausar? Mu da muke zaune a garin da aka kewaye da ganuwa ba mu da bukatar aro. A ce "ganuwar gari". Masu garkuwa su ne tubalin, marasa garkuwa suna ciki a tsare, adadin da ake nema kuma "cikar ganuwa". Na daɗe ina cewa matsalar masu fassararmu ita ce suna jin kunyar kalmar da kakarsu za ta gane.

Ɗalibin Samaru: Baba, da girmamawa, kakata ta san nisabi tun kafin ta ji sunan ƙwayar cuta. Idan za mu kori duk kalmar da ta zo daga Larabci, to lafiya da hankali da lissafi ma sai su tafi, mu rasa sunan da za mu ba shirin Malama.

Dattijon Ƙofar Doka: Ɗana, ban ce a kori waɗanda suka zauna ba, na ce kada a ƙara gayyato baƙi alhali ɗan gida yana tsaye. Sannan nisabi kalmar zakka ce. Ka tuna abin da ya faru da rigakafin shan inna a Arewa a 2003, lokacin da zargi ya sa aka dakatar da shi a wasu jihohi. Idan mutane suka ji an ɗauko kalmar ibada an liƙa wa allura, wani zai ce dabara ce ta shigo da su ta ƙofar addini.

Uwar Biyu, Sabon Gari: Ni ba malamar harshe ba ce, amma ina da tambaya. Idan na fahimta, da zarar gari ya cika wannan adadi, wanda bai yi wa ɗansa allura ba ma ya tsira ke nan? Domin ƙaramata tana da wata 6, an ce sai ta kai wata 9 za a yi mata ta ƙyanda, kuma babban, wanda aka yi masa sau ɗaya, ya yi ƙyanda bara duk da an ce an yi wa kusan kowa a unguwarmu. To ina ganuwar take?

Likitan Dabbobi: Hajiya, Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Tambayarki ce ta nuna dalilin da ya sa ba za a haɗa adadin da aka yi wa allura da adadin masu garkuwa a kalma ɗaya ba. Allurar ƙyanda da ake yi a wata 9 tana kama kimanin yara 85 cikin 100, sauran 15 kuwa an yi musu amma jikinsu bai ɗauka ba, galibi saboda ragowar garkuwar da suka samu daga uwa tana dakushe ta. Mu ɗauki unguwa mai yara 1,000, a misali, a ce an yi wa 900 sau ɗaya. A takarda kashi 90 ke nan, kowa ya yi murna. Amma waɗanda suka samu garkuwa 765 ne kawai, saura 235 a buɗe. Idan muka ɗauki `R0` ta ƙyanda a 15, mai cuta ɗaya zai iya sa wa 15 sau 0.235, wato tsakanin yara 3 da 4, kuma wannan ya isa ya tayar da annoba. Ko da an yi wa duka 1,000 sau ɗaya, 850 ne za su tsira, alhali ana bukatar kimanin 933. Shi ya sa ake yin ta biyu a wata 15, domin allura biyu suna kai kariyar kusan kashi 97, kuma daga nan ne kashi 95 da ɗalibi ya ambata ya samo asali.

Ita kuma 'yarki mai wata 6, irinta ce ake tara wannan adadi dominsu, su da yaran da wata rashin lafiya ta hana a yi musu allura. Gurbin marasa garkuwa da ƙyanda ke bari bai wuce mutum 6 zuwa 8 cikin 100 ba, kuma jarirai da waɗanda allurar ba ta kama ba sun kusa cinye shi. Wanda ya ƙi kai ɗansa yana dogara da maƙwabta, wurin jaririyarki ya shiga ya zauna.

Mai Shirin Lafiya, Tudun Wada: Likita, wannan misalin na yara 1,000 zan ɗauke shi yadda yake. Amma ba wanda ya taɓa mini `R0`. "Lambar haihuwar cuta" ta sa abokiyar aikina ta zaci maganar masu ciki nake yi.

Ɗalibin Samaru: "Adadin harbi", tunda muna cewa ya harbe shi da mura. Ko kuma "saurin yaɗuwa".

Likitan Dabbobi: Sauri kuskure ne, domin lambar ba ta ƙunshi lokaci ba. Cututtuka biyu za su iya samun lamba ɗaya, wannan ta yi zagayenta cikin kwana 3, waccan cikin shekaru. Ba ta kuma nuna tsananin cuta. Harbi ya fi kusa da ma'ana, sai dai a wannan zamani idan mai sauraro ya ji "adadin harbi" a rediyo, bindiga zai fara tunawa. Ni da zan ce "ninkin yaɗuwa", ko da yake ban gamsu da shi sosai ba, saboda bai nuna sharaɗin cewa ana auna shi ne a cikin mutanen da ba su da garkuwa ko kaɗan ba. Kuma lambar ba ta ƙwayar cutar kaɗai ba ce, cunkoso yana ɗaga ta, don haka ta ajin da ke da yara 100 ba za ta zama ɗaya da ta rugar da gidajenta ke warwatse ba.

Dattijon Ƙofar Doka: To ka ga ka zo inda nake. Nisabi yana sa mutum ya ƙirga jimla ya kwanta. Ganuwa kuwa ko ta kewaye gari duka, idan ta rushe a gefe ɗaya, ta nan za a shigo. Idan an ce Zariya ta kai kashi 95 alhali marasa allurar duk suna unguwa ɗaya, me nisabinka ya tsare?

Likitan Dabbobi: Ranka ya daɗe, a nan ka yi gaskiya, lissafin yana ɗauka ne cewa mutane suna cakuɗe daidai, kuma ba haka gari yake ba. Sai dai ganuwa tana da nata aibin: tana sa a zaci cutar ba za ta shigo ba sam, alhali ko an cika adadin, matafiyi zai iya kawo ta ya sa wa mutum 1 ko 2, abin da ba za ta iya ba shi ne ɗorewa. Kuma ganuwa idan an gina ta an gama, shi kuwa nisabi duk shekara ake sake ƙirga shi, kamar yadda kowace haihuwa ke rage kason masu garkuwa.

Mai Shirin Lafiya, Tudun Wada: Na gode, malamai. Zan yi amfani da "garkuwar al'umma". Ga adadin, zan ce "mafi ƙarancin kason masu garkuwa", sannan in ƙara sau ɗaya cewa kamar nisabi yake, kowace cuta da nata, in ji yadda masu kiran waya za su karɓe shi. Ganuwar Baba za ta shigo a wurin maganar unguwar da aka bari a baya. `R0` kuwa ba zan ba ta suna ba a wannan makon, zan faɗi jimlar duka: yawan mutanen da mai cuta ɗaya zai sa wa idan ba mai garkuwa.

Dattijon Ƙofar Doka: An mayar da ganuwa misali an ba baƙo kujera. Ba komai, 'yata, zan saurara ranar Alhamis. Amma ko "al'umma" ɗin nan ki mayar da ita "jama'ar gari".

Ɗalibin Samaru: Baba, jama'a ma Larabci ce.