Abin da aka tsayar kan yarjejeniyar hayar gida a Gombe

Ga taƙaitaccen abin da mutane suka faɗa a doguwar tattaunawarmu kan abin da ya kamata yarjejeniyar haya tsakanin mai gida da ɗan haya ta ƙunsa.

1. Kuɗin ajiya, wato kuɗin da ɗan haya ke ajiyewa wurin mai gida saboda ɓarna. Kowa ya yarda a rubuta adadinsa daban da kuɗin haya da ladan dillali, tare da ranar mayar da shi. An fi jaddada cewa ranar karɓar makulli mai gida da ɗan haya su zagaya ɗakunan tare, su ɗauki hoton tsagar bango, famfo mai ɗiga da lambar mita, su sa hannu gaban shaidu biyu, domin in babu wannan, tsohuwar ɓarna ma sai a cire ta daga kuɗin ɗan haya.

2. Gyara. Rufin kwano, masai da rijiya na mai gida ne, ƙwan fitila da kan famfo na ɗan haya. Inda aka rabu shi ne idan rufi ya yi yoyo da damina mai gida ya yi shiru: wasu suka ce a gyara a cire daga haya, wasu suka ce kada a taɓa sai da izininsa a rubuce da rasidi. Ina ganin na biyun ya fi tsare mutum.

3. Kada ɗan haya ya ba wani hayar gidan sai mai gida ya amince a rubuce.

4. Wa'adin tashi. Mafi yawa sun ambaci wata 6 ga mai biyan shekara, wata 1 ga mai biyan wata, amma a rubuta shi a takardar, kuma sanarwar ta zo a rubuce da kwanan wata.