"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi": a kan wa ake faɗinta?

Abu Rayyan: Assalamu alaikum. Aiki biyu ne a gabana: nan Makka riyal 4,500, Dammam riyal 6,750. Hajiyarmu na wankin ƙoda sau uku a mako, ni ke kai ta, ga mata da yara biyu. Kawu ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abokina ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Wacce ce ta shafe ni?

Baba Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Kawun naka ya ɗora wa maganar kayan da ba nata ba. Ba don a hana mutum tafiya ake faɗinta ba. Wanda ya riga ya tafi ake gaya wa, in ya fara ƙorafin abinci ko wurin kwana, ko yana neman a ba shi girman da ake ba shi a garinsu. Wato gatan gida a gida ya tsaya, sai haƙuri. Da hani ce, da babu ɗayanmu a nan. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'a suka yi ta gabas, wasu suka zauna Maiwurno a bakin Nilu, wasu suka tsallako teku zuwa Jidda. Su ma sun san karin maganar.

Ummu Salma: Baba, Allah ya ƙara girma, amma tana da fuska ta biyu, kuma ita kawun ke nufi. Gida ya bar ka, wato an daina jiranka. Za a sa ranar auren ƙanwarka, a sauya wa Hajiya asibiti, a tashi daga haya, kai sai dai a sanar da kai a waya. Ba fushi ba ne, gida ba ya tsayawa don mutum ɗaya. Babban ɗa kuwa wannan ne ya fi masa ciwo.

Sale Direba: Ni dai zomo nake bi. Ka tafi, amma ka tabbata kamfanin zai riƙa yi maka huruj da auda, bizar fita da dawowa, a kan lokaci, kada a kira ka da gaggawa kana jiran biza.

Ummu Salma: Sale, Dammam fa aka ce, ba Kuwait ba. Babu biza a maganar.

Malam Habu Akanta: A ajiye zomon tukuna a ga ko mai ƙiba ne. Bambancin albashin 2,250 ne. In ka ga 6,750, galibi asalin albashi 5,000 ne, kuɗin gida 1,250, kuɗin mota 500. To wannan 1,250 ba kyauta ba ce, haya ta biyu ce za ta cinye ta, tunda matarka da yara za su zauna wajen Hajiya kuma hayar Makka na nan.

Mu ƙaddara, kai kuma ka gyara da farashin da ka samu. Ɗaki a Dammam tare da wani, 900. Abinci kai kaɗai, yawanci na saye, 600. Tsakanin biranen nan ya kai kilomita 1,300, jirgin ƙasan Haramain kuma Madina yake nufa, ba gabas ba. Mota kwana ce sukutum, don haka jirgin sama ne zuwa Jidda, wajen awa biyu, sannan mota zuwa Makka. Zuwa da dawowa sau ɗaya a wata, a ce 750. Sai abin da mutane ke mantawa: wankin ƙoda sau uku a mako ya kama sau 13 a wata. In motar haya za ta kai ta ta dawo da ita a kan 50, ka ga 650. Jimla 2,900. Wato ka bar gida don ƙarin 2,250, ka kashe 2,900. Zomon ya cinye guzurin maharbi.

Kuma direba kaiwa kawai zai yi. Zaman wankin wajen awa huɗu ne, kuma mutum kan fito da jiri da kasala, wani lokaci jini ya sauka. Dole a samu mai riƙe ta ta hau bene. Wannan ba ya cikin 650.

Sale Direba: Malam ka cika tsaurarawa. Gida biyu ai maganin gobara. Kuma kuɗin sallama na can ya fi.

Malam Habu Akanta: Gida biyun da ake nufi madogara biyu ce, in ɗaya ta kife ka jingina da ɗaya. Nan albashi ɗaya ne ke ɗauke da haya biyu. In ya tsaya, gobarar duka biyun za ta ci.

Kuɗin sallama kam ka yi gaskiya, amma rabi. A dokar ƙwadago ta nan, shekara biyar na farko rabin albashin wata ake lissafawa kowace shekara. Dammam 3,375, Makka 2,250. Ratar 1,125 a shekara, ba ta kai riyal 100 a wata ba. Sannan in jikin Hajiya ya tsananta ya ajiye aikin da kansa kafin shekara 2, ko halala ba zai samu ba. Daga 2 zuwa 5, kashi ɗaya cikin uku kawai.

Baba Ɗanlami: To Malam, a lissafinka ba mai motsawa ke nan. Akwai aikin da kuɗinsa na yau ba shi ake bi ba, sana'ar ake bi. Yankin Dammam da Jubail nan masana'antu suke. Yaro in ya ƙware a can, bayan shekara uku wani farashin ake masa. Na Makka da yawa aikin lokaci ne, Ramadan da Hajji a yi ta gudu, bayan nan shiru. Ka tambaye shi wane irin aiki ne?

Malam Habu Akanta: Ban musa ba, Baba. In sana'a ce mai hawa, asarar 650 a wata kuɗin makaranta ce, ana iya biya da ido buɗe. Amma kafin ya danna amincewa a Qiwa, shafin gwamnati na kwangilar aiki, ya karanta abu uku a kwangilar. Na farko lokacin gwaji, wanda kan iya kaiwa kwana 180. A cikinsa ana iya sallamarsa ba diyya, don haka kada ya kama hayar shekara a Dammam kafin ya wuce shi. Na biyu ranakun aiki. Kamfanoni da yawa kwana shida suke yi, Juma'a kaɗai hutu, to ziyarar wata-wata ta zama labari, sai hutun shekara, kwana 21. Na uku garin da aka rubuta a matsayin wurin aiki. In kamfanin na da reshe a Jidda kuma sun yi alkawarin mayar da shi can, a rubuta. Alkawarin baki da wuya ya tsaya a kotun ƙwadago.

Inshorar kamfani kuma mata da yara take ɗauka, uwa ba ta ciki, ko Makka ko Dammam. Kada wani ya ruɗe shi da cewa babban kamfani zai ɗauki wankin.

Ummu Salma: Duk kun yi maganar kuɗi, ba wanda ya ambaci matar. In ya tafi, ita ce za ta riƙe Hajiya a bene sau 13 a wata da yara biyu a hannu. An tambaye ta? Zumunta a ƙafa take, amma ƙafar wa? In akwai 'yan'uwa, a zauna a raba ranakun da suna: Asabar wane, Litinin wane, Laraba wance. "Za mu taimaka in sha Allahu" mako biyu take yi.

Abu Rayyan: Allah ya saka. Aikin gyaran na'urorin sanyaya masana'anta ne, kwana shida a mako. Ƙanena yana Jidda, ƙanwata na Rusaifa nan Makka da mijinta.

Baba Ɗanlami: Sana'a ce mai kyau wannan, ni da ban sake ta ba.

Ummu Salma: Ƙanwar za ta iya ɗaukar rana ɗaya in mijinta ya yarda. Na Jidda fa, yana da mota? Kuma ƙarfe nawa ake saka Hajiya a injin, safe ko yamma?