Allo na biyu ya ƙi fitowa a kwamfutata

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon buga takardu a Maraɗi, tun shekaranjiya kwamfutata ta daina ganin allo na biyu, sai No Signal yake rubutawa.

Kwamfutar ramin HDMI gare ta, allon kuwa VGA, shi ya sa adafta ke tsakani. Na kai allon da wayarsa shagon maƙwabcina, suka yi aiki lafiya lau. Na jona talabijin kai tsaye ta HDMI, hoto ya fito, ke nan ramin ƙalau yake. Na danna `Windows + P` na zaɓi Extend, na danna Detect, shiru.

Zargina dai adaftar, ga wani ɗan ramin micro-USB a gefenta da ban taɓa jona wa wuta ba. Rashin wutar ne, ko ƙonewa ta yi? Yaya zan tantance kafin in sayi sabuwa?